Tsara tizar gajeren fim mai sirri guda ɗaya

"Na kammala gajeren fim na minti 12 mai suna Saƙo na Bakwai. Labarin wata budurwa ce da ta tsinci saƙonnin murya guda bakwai a tsohuwar wayar mahaifinta bayan rasuwarsa, waɗanda ya naɗa amma bai taɓa aika su ba. Tana sauraro tana zaton ita yake yi wa magana, sai a minti na 9 ta gane cewa wata 'ya ce yake da ita wadda ba ta san da zamanta ba. Editana ya yanka mini tiza, wato ɗan gajeren bidiyon tallan fim ɗin, ta sakan 90, amma duk wanda na nuna wa sai ya ce ai ya riga ya san labarin. Ta yaya zan rubuta ta tun daga tushe, me zan nuna, me zan ɓoye, rubutu nawa zan sa, kuma da me zan rufe?"

Malama, matsalar ta fara ne daga tsawon tizar tun kafin a zo ga abin da ke cikinta. Fim na minti 12 sakan 720 ne, saboda haka sakan 90 kashi ɗaya cikin takwas ne na aikinki gaba ɗaya. Dogon fim na awa biyu yana iya ba da minti biyu da rabi na tirela ba tare da ya yi asarar komai ba, domin yana da mutane da yawa da wurare da yawa da ƙananan rikice-rikice da za a iya barbaɗawa a tallan. Gajeren fim irin naki kuwa mutum biyu ne ko uku, wuri ɗaya ko biyu, da juyi guda ɗaya tak, kuma duk editan da aka ce ya cika sakan 90 daga cikinsa dole ne hannunsa ya kai ga minti na 9, don abin da ke gabanin nan bai isa ya cika masa lokacin ba. Ban ga laifin editan ba, an ba shi lokacin da ya fi ƙarfin kayan da ke hannunsa. Shawarata ita ce ki rubuta tiza ta sakan 45, kuma ki rubuta ta a takarda kafin a sake buɗe manhajar tacewa.

Abin da za a ba mai kallo da abin da za a hana shi

Kafin ki rubuta layi ɗaya, ki zauna ki rarrabe abubuwan da fim ɗin yake bayyana wa mai kallo bisa jerin da yake bayyana su. A labarinki na ga guda huɗu: mahaifin ya rasu, akwai saƙonni bakwai, ba a aika su ba, sannan ba ita ake nufi da su ba. Uku na farko su ne ƙofar shiga labarin, kuma mai kallon fim ɗin zai san su a cikin minti biyu ko uku na farko, don haka ba ki yi asarar komai ba idan kika ba da su a tiza. Na huɗun shi ne dalilin da ya sa aka yi fim ɗin. Idan ya fita, mai kallo zai zauna minti 9 yana jiran budurwar ta gano abin da shi ya daɗe da sani, kuma duk wasan da 'yar wasanki ta yi a wancan lokacin, murmushinta da hawayenta na farin ciki, zai koma abin tausayi tun daga farko maimakon ya zama abin da zai juye a zuciyar mai kallo daga baya.

Ƙa'idar da nake aiki da ita a nan ita ce a nuna sakamako a ɓoye sanadi. Kina iya nuna fuskar budurwar tana sauyawa daga jin daɗi zuwa ruɗani, amma kada a ji maganar da ta sauya fuskar. Kina iya nuna mahaifiyar tana cewa a kashe wayar, amma kada a ji dalilinta. Mai kallo zai fahimci cewa akwai wani abu a cikin saƙonnin nan da ba daidai ba, zai kuma fara zato iri-iri: bashi ne, laifi ne, wasiyya ce, ko wata cuta ce aka ɓoye. Muddin zatonsa ya rabu gida uku ko huɗu, tizar ta yi aikinta. Da zarar zaton ya koma hanya ɗaya, an fasa ƙwai ko da ba a furta kalmar ba.

Akwai tarko guda da nake so ki yi hattara da shi, domin masu shirya fim da yawa suna faɗawa cikinsa da kyakkyawar niyya. A fim irin naki yawanci akwai wani ɗan layi da ke fara tsaga bangon, misali mahaifin ya ambaci wani tabo a hannun hagu, budurwar ta duba hannunta ta ga babu. Wannan shi ne guntu mafi ƙarfi a fim ɗin, kuma zuciyarki za ta raya miki cewa a sa shi a tiza tunda bai ambaci wata 'ya ba. Kada ki sa. Mai kallo ya fi yadda muke zato saurin haɗa biyu da biyu, kuma murya da ke cewa "'yata" tare da tabon da babu shi amsa ɗaya kawai suke da ita. Ina kyautata zaton irin wannan guntun ne ya tona asirin tizarki ta farko.

Yadda ake shimfiɗa rubutun

Rubutun tiza ba ya bin tsarin rubutun fim na yau da kullum. Ana raba shafi gida biyu daga sama zuwa ƙasa, hoto a hagu, sauti a dama, sannan a ajiye ɗan siririn gurbi a gefe don lokaci. Kowane layi guntun hoto ɗaya ne ko katin rubutu ɗaya, kuma a gabansa ki rubuta minti da sakan ɗin da guntun yake a cikin ainihin fim ɗin. Wannan lambar tana da amfani biyu: tana sauƙaƙa wa edita nema, kuma tana nuna miki a kallo ɗaya ko kin tsallaka iyaka. A naki aikin zan ja layi a minti na 8, in ce babu wata magana da za a ɗauko daga bayan nan, sai dai hoto maras sauti wanda ba ya bayyana komai da kansa. Ni kan cika gefen sauti kafin gefen hoto, domin a tiza kunne ne ke jan ragamar labari, kuma a fim ɗin da aka gina shi kan saƙon murya wannan ya ƙara zama wajibi.

Ga yadda zan raba sakan 45 ɗin. Daga farawa zuwa sakan na 4, hannu ne riƙe da tsohuwar waya, allonta ya haskaka, kuma muryar mahaifin ta shigo tun daga firam na farko, wato hoto na farko cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, tana cewa, "'Yata, ni ne." Babu tambarin kamfani a nan, babu baƙin allo, babu kiɗan share fage. Mutumin da ke jan allon wayarsa yana yanke shawarar tsayawa ko wucewa a cikin 'yan sakan na farko, kuma ko a tallan YouTube da ake iya tsallakewa sakan 5 kawai ake tilasta masa ya kalla. Tambarin kamfanin da bai sani ba ba zai tsayar da shi ba, amma muryar dattijo da ke kiran 'yarsa tana iya tsayar da shi.

Daga sakan na 4 zuwa na 11, fuskar budurwar ce kawai tana sauraro, guntu ɗaya ba yanka, muryar tana ci gaba da cewa, "Na san kina fushi da ni." Sakan 7 a kan fuska ɗaya zai yi wa editanki kama da ɓata lokaci, kuma zai so ya yanka shi gida uku. Ki roƙe shi ya bari. Wannan ne kaɗai wurin da mai kallo zai shaƙu da ita, kuma idan bai shaƙu da ita a nan ba, duk saurin da za a yi a gaba hayaniya ce kawai a wurinsa. Ki lura kuma da cewa layukan nan biyu gaskiya ne ta kowace fuska: wanda bai ga fim ɗin ba zai ɗauka da ita ake, wanda ya gani kuma zai dawo ya ji su da wata ma'ana daban. Irin waɗannan layuka masu fuska biyu su ne za ki tsinto daga cikin saƙonnin, domin ba su yi wa kowa ƙarya ba.

Katin rubutu na farko zai zo daga sakan na 11 zuwa na 14, yana cewa: "Ya rasu ya bar saƙo bakwai." Daga nan sai kiɗa ya shigo a hankali, a biyo da guntaye uku daga sakan na 14 zuwa na 23, masu tsawon sakan 4 da 3 da 2: tana kwance tana murmushi da wayar a kunne, tana tafiya a hanya tana sake sauraro, sai mahaifiyar a bakin ƙofa tana kallonta ba ta ce komai ba. Kati na biyu, daga sakan na 23 zuwa na 26, zai ce: "Bai aika ko ɗaya ba." Wannan katin ne ke juya tizar, domin ya mai da abin da ya zama kamar kyautar uba ga 'yarsa zuwa tambaya. Shi ya sa na ajiye shi a tsakiya, kuma shi ya sa na sa kallon mahaifiyar dab da shi, don idon mai kallo ya riga ya ga alamar damuwa kafin rubutu ya tabbatar masa.

Daga sakan na 26 zuwa na 34 ne ake ƙara sauri, da guntaye biyar masu tsawon sakan 3, 2, 1, 1, 1. Mahaifiyar ta ce, "Kashe wayar nan." Budurwar tana bincike a cikin akwatin takardu, yatsanta yana mayar da saƙo baya, murmushin ya ɓace daga fuskarta, ƙofa ta rufe. Saurin yana aiki ne saboda an fara a hankali, kuma da an fara da yankan sakan ɗaya tun farko, da babu inda za a ƙara. Idan kiɗan da kika zaɓa yana da bugu 60 a minti, kowane bugu sakan ɗaya ne, wato firam 24 idan da wannan ma'aunin aka ɗauki fim ɗin, sai yankan ya faɗo a kan bugu ba wahala. Idan bugu 90 ne, firam 16 ke tsakanin bugu da bugu, sai a ɗan gyara tsawon guntayen su bi shi. Saboda haka ki zaɓi kiɗan kafin a fara yanka, kuma ki tabbata izinin da kike da shi a kansa ya haɗa da talla, domin sau da yawa izinin amfani da kiɗa a cikin fim bai shafi tirela ba.

Katunan rubutu

Kati biyu na labari sun isa sakan 45, ban da katin suna da na bayani. Aikin kati shi ne ya faɗi abin da hoto zai ɓata lokaci kafin ya faɗa. Rasuwar mahaifin da adadin saƙonnin da rashin aika su abubuwa ne da za su cinye sakan 20 idan aka ce hoto ya nuna su, amma kalmomi goma sha ɗaya sun gama da su. Katin da ke cewa "wata budurwa cikin baƙin ciki" kuwa bai ƙara komai ba, tunda fuskarta ta riga ta faɗa. Haka nan ina ƙin katunan da ke yabon fim ɗin da bakinsa, irin su "labari mai taɓa zuciya", domin mai kallo ba ya yarda da yabon da mai kaya ya yi wa kayansa, kuma sakan 3 ɗin da aka kashe a kansa an cire shi ne daga fuskar 'yar wasa.

Tsawon zaman kati a allo ana auna shi ne da baki: ki karanta shi a bayyane sau biyu ba gaggawa, lokacin da ya ɗauka shi ne tsawonsa. Ku da kuka rubuta shi kun haddace shi, don haka kullum zai yi muku kamar ya daɗe. Kalmomi biyar ko shida a kati ɗaya, layi ɗaya ko biyu, salon harafi iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kuma rubutun ya tsaya a tsakiyar allo nesa da gefuna. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci idan za ki fitar da tizar a siffa biyu, ta kwance mai ma'aunin 16:9 da ta tsaye mai 9:16, domin a ta tsayen sunan shafi da maɓallan manhaja suna rufe ƙasan allo da gefen dama. Gara a sake tsara katunan daban don kowace siffa a kan a datse na kwancen.

Sunan fim ɗinki yana da harafin ƙ, katinki na biyu yana da ɗ, kuma salon haruffa da yawa masu kyan gani ba su da haruffa masu lanƙwasa. Abin da ke faruwa shi ne manhajar ta sa ɗan akwati a gurbin harafin, ko ta aro shi daga wani salon daban, sai ya fito siriri ko ya ɗara 'yan'uwansa tsawo. Ki gwada ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana kafin ki amince da kowane salo, kuma ki duba su a bidiyon da aka fitar, kada ki tsaya ga abin da allon edita ya nuna.

Sai kuma batun rubutun magana a ƙasan allo. Shafukan sada zumunta da yawa suna kunna bidiyo ba sauti har sai mutum ya taɓa, kuma tizarki ta dogara ne ga murya. Dole a rubuta maganar mahaifin a jikin hoton kanta tun daga "'Yata, ni ne." Sai dai ki bambanta shi da katunan: rubutun magana ƙarami ne a ƙasa a kan hoto, kati kuwa babba ne a tsakiya a kan baƙin allo, kuma kada su taɓa fitowa lokaci ɗaya, don ido ba ya karanta wuri biyu.

Rufewa

A sakan na 34, da ƙofar ta rufe, kiɗa ya yanke gaba ɗaya, allo ya yi baƙi na sakan ɗaya. Sunan fim ya fito daga sakan na 35 zuwa na 38. Wannan ne karon farko da mai kallo zai haɗa "saƙo bakwai" na katin farko da "Saƙo na Bakwai", ya gane cewa akwai guda ɗaya a cikinsu da ya bambanta da sauran. Sunan fim ɗinki ya yi miki rabin aikin, kuma da an sa shi a farkon tizar da wannan haɗin ya lalace.

Bayan suna ne ake sa ɗan guntun rufewa, sakan 4 a nan, daga na 38 zuwa na 42. Aikinsa shi ne ya sake buɗe tambayar bayan mai kallo ya zaci an gama. Hanyoyi biyu nake gani a labarinki. Ta farko ita ce yatsan budurwar yana shawagi a kan saƙo na bakwai, a yanke kafin ta danna. Tana da tsabta, amma an saba ganin irinta, kuma ba ta ƙara wani abu a kan abin da sunan fim ya riga ya faɗa ba. Ta biyu ita ce budurwar ta tambayi mahaifiyarta, "Mama, kin taɓa sauraron su?", kyamara ta tsaya a kan fuskar mahaifiyar, a yanke a daidai lokacin da ta ja numfashi za ta amsa. Ni ta biyun na fi so, domin ta kawo sabon abu: akwai mai rai a gidan da wataƙila ta san gaskiya. Ta kuma karkatar da zaton mai kallo zuwa ga mahaifiyar, wanda hakan ke ƙara kare sirrinki. Wurin yankan a nan lamari ne na 'yan firam. Idan aka yanke kafin ta motsa, kamar bidiyon ya tsaya ne. Idan aka bari leɓenta ya fara furta kalma, mai kallo zai karanta amsar. Ki zauna da edita ku matsa shi gaba da baya da firam biyu-biyu har ku same shi. Ban ga hotunanki ba, don haka idan babu wannan musayar a fim ɗin kada ki ƙirƙiro ta ta hanyar liƙa magana daga wani wuri a kan fuska daga wani wurin har ma'ana ta sauya, domin wanda ya zo kallo zai neme ta ya rasa. A wannan halin ki koma ga hanya ta farko.

Sakan 3 na ƙarshe katin bayani ne, kuma abu biyu kawai zai ɗauka: inda za a ga fim ɗin da lokacin. Jerin sunayen ma'aikata ba wurinsa ba ne nan, a sa shi a rubutun da ke rakiyar bidiyon. Idan kina shirin kai fim ɗin bukukuwan fina-finai, kada ki rubuta ranar sakinsa a intanet tukuna, domin wasu bukukuwan suna sharaɗin kada fim ya riga ya fita ga jama'a. Ki ajiye katin a matsayin guntu mai zaman kansa wanda za a iya sauyawa daga baya ba tare da an taɓa sauran tizar ba.

Yadda za ki gane ko ta yi

Idan an gama yankan farko, ki nuna wa mutanen da ba su karanta labarin ba kuma ba su ga tsohuwar tizar ba, ɗaya bayan ɗaya, a waya, karon farko ba sauti. Kada ki tambaye su ko ta yi kyau, za su ce ta yi. Ki tambaye su wane ne ya rasu, me budurwar ta samu, kuma me suke zaton yana cikin saƙo na bakwai. Idan sun kasa amsa biyun farko, katunanki sun yi gajarta ko rubutun ya yi ƙanƙanta. Idan amsoshinsu ga ta ukun sun sha bamban da juna, ki bar tizar yadda take. Idan kuwa biyu daga cikinsu suka ambaci wata 'ya ko wata mata, ki tambaye su a wane wuri tunanin ya zo musu, za ki tarar yawanci guntu ɗaya ne, galibi wani hoto ko suna da ya bayyana a cikin akwatin takardun nan ko a allon wayar. A cire shi, a cike gurbinsa da ƙarin sakan ɗaya na fuskarta, sannan a sake gwadawa da waɗansu mutanen daban.